Daga minti 68 zuwa minti 7: yankan webina kawai ba ya maida ta bidiyo

Kwanakin baya wata ƙungiya da ke horar da malaman gona ta miƙo mini fayil guda, aka ce in taimaka. Webina ce da suka gudanar ta Zoom a kan adana wake a buhun PICS, buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue da abokan aikinsu na Afirka suka fara yaɗawa gadan-gadan a 2007. Tsawon abin da aka naɗa minti 68 ne, shafukan majigin da muke kira silaid kuma 41. Buƙatarsu, kamar yadda suka faɗa, mai sauƙi ce: a yanke surutun da ba shi da amfani, a gyara silaid ɗin su yi kyau, a samu abin da za a tura wa ma'aikatansu ta WhatsApp.

Na ce musu yankan ba zai biya musu buƙata ba. A ganina, wanda yake son ya fitar da gajeren bidiyo mai bayani daga webina, gara ya ɗauki abin da aka naɗa a matsayin rumbun da zai ɗebo hatsi, ya rubuta sabon jawabi, ya naɗi sabuwar murya, sannan ya nemo wa muryar hotunan da suka dace da ita. Silaid ɗin asali su ne abu na ƙarshe da zai waiwaya. Yawancinmu da su muke farawa, domin su ne muke gani a jere, kuma a nan aikin yake lalacewa tun kafin a soma.

Dalili shi ne, mai halartar webina da mai kallon bidiyo ba halinsu ɗaya ba. Na farkon ya ware lokaci, ya ga sunansa a jerin mahalarta, yana jin nauyin ficewa, kuma yana da damar ɗaga hannu idan abu ya shige masa duhu. Na biyun yana cikin mota ko a bakin shago, yatsansa na kan allon waya, babu wanda zai gan shi idan ya tafi, babu kuma wanda zai tambaya. Jawabin da aka tsara wa na farko cike yake da gaishe-gaishe da maimaici da "kamar yadda za mu gani nan gaba". Idan aka bi shi da almakashi, abin da zai rage guntaye ne da ke nuni ga wasu guntayen da aka riga aka zubar. Sai ka ji malami yana cewa "kamar misalin da na bayar ɗazu", alhali misalin yana cikin kwandon shara.

Akwai binciken da ya taɓa wannan batu kai tsaye. A 2014 Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin sun nazarci kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa komai tsawon bidiyon, matsakaicin lokacin da ɗalibai ke tsayawa a kansa ba ya wuce kusan minti 6. Sun kuma gano cewa laccar aji da aka naɗa sannan aka daddatsa ba ta riƙe masu kallo kamar wadda aka tsara tun farko da niyyar yin bidiyo. Kashi na farko na sakamakon ya shahara, kowa na ambaton minti shida. Kashi na biyu shi ya fi shafar mai riƙe da fayil ɗin webina, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Abin da na fara yi da fayil ɗin shi ne na raba shi da hotonsa, domin in saurara ba tare da silaid sun ja mini hankali ba:

```
ffmpeg -i webina.mp4 -vn -c:a copy sauti.m4a
```

Na sa abin sauraro a kunne, na ɗauki takarda da biro, duk inda magana ta sauya sai in rubuta mintin da kuma abin da ake faɗa a layi ɗaya. Da na gama, ga yadda minti 68 ɗin suka kasu. Minti 9 sun tafi a jiran mutane da addu'ar buɗe taro da gabatar da manyan baƙi. Minti 11 tarihin ƙungiyar ne da godiya ga masu ba ta tallafi. Kusan minti 6 sun salwanta a katsewar layi da "kuna ji na?". Ainihin darasin minti 24 ne, sauran 18 kuma tambayoyi da amsoshi.

Mai gaggawa zai ce to ga minti 24 nan, a matse su. Ni kuwa minti 18 na ƙarshe na fi ba muhimmanci, kuma ina ganin duk mai irin wannan aiki daga can ya kamata ya fara. Tambayoyin mahalarta su ne kaɗai shaidar da ke hannunka ta inda bayanin ya gaza. A wannan webina, mutane daban-daban sun yi ta zagayowa kan abu uku: shin ana zuba maganin ƙwari a cikin buhun, me ya sa ba za a haɗa bakin ledojin a ɗaure su gaba ɗaya ba, kuma ko buhun bara zai yi aiki bana. Da na koma na duba, sai na ga batun ɗaurin, wanda shi ne ƙashin bayan fasahar, layi ɗaya tal ya samu a silaid na 29, malamin kuma bai kai minti guda a kansa ba. Jadawalin asarar amfanin gona a ƙasashe daban-daban kuwa ya cinye silaid biyar. Malamin masani ne ƙwarai, kuma sanin nasa ne ya jawo haka: abin da hannunsa ya saba yi ya zame masa kamar bai cancanci bayani ba.

Daga nan na rubuta jimla ɗaya a saman takarda: wanda ya gama kallon bidiyon nan zai iya gwada buhu, ya cika shi, ya ɗaure shi daidai, ya kuma bayyana wa manomi dalilin da ya sa ba a sa magani. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba ya fita, har da abubuwa masu kyau. Tarihin ƙungiya ya koma tambari na daƙiƙa uku a ƙarshe. Shugabanninta ba su ji daɗin hakan ba da farko, kuma na fahimce su, domin su ne za su haɗu da masu ba da tallafin.

Sai lissafin kalmomi, wanda shi ne ke tilasta wa mutum gaskiya. Ka ɗauki shafi na rubutun Hausa, ka karanta shi da ƙarfi yadda za ka yi wa wani bayani, ka duba agogo, ka ƙirga kalmomin da ka furta a minti ɗaya. Kada ka ari adadin da ake bayarwa don Turanci, domin Hausa tana da gajerun kalmomi masu yawa irin su "da" da "na" da "ya", kuma kowa da saurin bakinsa. Malamin namu ya fito da kusan kalma 140 a minti. Minti 7 ke nan za su ɗauki 980. Amma bidiyon da ake nuna aikin hannu yana buƙatar shiru, wuraren da murya za ta ja baya ido ya yi aikinsa, don haka na ware minti ɗaya na shiru, na tsayar da jawabin a kalma 840. Abin da aka faɗa a minti 24 na darasin ya haura kalma dubu uku. Da mutum ya ga waɗannan lambobi biyu kusa da juna, zai daina tunanin matsewa, ya kama zaɓe.

Na raba takardar jawabin gida biyu. A dama abin da kunne zai ji, a hagu abin da ido zai gani a daidai wannan lokaci. Ƙa'idar da na bi ita ce, kowace jimla ta dama sai ta amsa tambayar me ake kallo yanzu, kuma amsar ba za ta zama jimlar kanta a rubuce ba. Wannan ba son raina ba ne kawai. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, a littafinsa Multimedia Learning na 2001 da gwaje-gwajen da ya gina shi a kansu, ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka ba su hoto da murya, fiye da idan aka ƙara musu rubutun abin da muryar ke faɗa a kan allo. Ido ɗaya ne zai kalli hoton ya kuma karanta rubutun, sannan ido ya fi baki sauri, sai mai kallo ya riga mai magana kaiwa ƙarshen layi ya zauna yana jira. A wajenmu matsalar ninki biyu ce, domin silaid ɗin da Turanci aka rubuta su, malamin kuma da Hausa yake magana yana tsarma Turanci. Mai kallo yana karanta harshe ɗaya, yana sauraron wani, yana fassara a tsakani.

Ga yadda silaid na 29 ya sauya. A asali layi ne na Turanci da ke cewa a ɗaure kowane ɓangare daban. A sabon tsari ya zama daƙiƙa 70. Murya tana cewa a danna saman waken a fitar da iskar da ke cikin leda ta farko, ido yana ganin tafin hannu yana dannawa. Murya tana cewa a murɗe bakin ledar, a lanƙwaso shi, a ɗaure, ido yana ganin yatsu da igiya daga kusa. A nan muryar ta yi shiru na daƙiƙa biyar har ƙullin ya kammala. Sannan aka maimaita da leda ta biyu, sannan buhun waje. Da wayar hannu muka ɗauki wannan a inuwar wani shago, an jingina wayar a kan wani buhun don kada ta yi rawa. Babu zanen da zai koyar da ƙulli kamar hannun da ke ƙullawa.

Tambayar maganin ƙwari kuwa ba ta ɗaukuwa da kyamara, domin abin da ke faruwa a cikin buhu ba a ganinsa. A nan zane ya yi amfani. Na zana buhu a tsage, ƙwari a cikin wake, da ɗigo-ɗigo masu wakiltar iskar shaƙa. Yayin da murya ke bayanin cewa ƙwarin da kansu suke shaƙe iskar da ta rage, ledojin kuma sun hana sabuwa shiga, ɗigon suna raguwa ɗaya bayan ɗaya har ƙwarin su daina motsi. Wannan zane ɗaya ya amsa tambayoyin nan uku a tare. Ya nuna dalilin da ba a buƙatar magani, ya nuna amfanin leda ta biyu mai ɗaurinta daban idan ta farko ta sami matsala, ya kuma nuna abin da ya sa dole a hura iska a ledar bara a matse ta, a ga ko tana sacewa, kafin a sake amfani da ita. A PowerPoint na yi shi, da motsin ɓacewa na yau da kullum. Sabon hoto ba ya nufin hoto mai tsada, kuma ba ya nufin hoton baƙon manomi yana murmushi da aka kwaso daga intanet don cike gurbi. Irin wannan ado shi ma Mayer ya gwada shi, ya ga yana rage fahimta.

Cikin silaid 41, biyar ne suka tsira, kuma babu wanda ya tsira yadda yake. Dalilin lissafi ne. Faɗin silaid na PowerPoint mai fasalin 16:9 inci 13.33 ne, wato kusan santimita 34. Wayar da aka riƙe a tsaye faɗin allonta bai fi santimita 7 ba. Komai zai ƙanƙance zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar, rubutu mai girman 18 zai koma ƙasa da 4. Jadawalin da ya yi kyau a kwamfutar malami tururuwa ne a hannun ma'aikaci. Gwajin mai sauƙi ne: ka tura hoton silaid ɗin zuwa wayarka, ka riƙe ta a tsaye, idan sai ka buɗa da yatsu kafin ka karanta, to ya faɗi. Sannan a duba haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai manhaja ta aro su daga wani salon, su fito a karkace a tsakiyar kalma, ko su zama ɗan akwati. Noto Sans yana da su.

Murya ake fara naɗa, hoto ya biyo baya. Na sha ganin an yi akasin haka, an gama ƙawata shafuka sannan a ce malami ya yi magana a kansu, sai ya riƙa jan jimla don ya cike shafi ko ya yi ta sauri don ya cim masa. Idan murya ta riga ta tsaya, ita ce ma'auni, kowane hoto ya shigo a kan kalmar da ta kira shi. Mun naɗa da sassafe kafin a tayar da janareta, a ɗaki mai labule da katifa, an kashe fanka, waya tana kusan taƙi ɗaya daga bakinsa, an ɗan kauce da ita gefe don kada iskar furuci ta buge ta. Sakin layi ɗaya-ɗaya ya riƙa karantawa, inda ya yi tuntuɓe sai ya dakata ya sake jimlar daga farkonta. Mun bar daƙiƙa goma na shirun ɗakin a farko, domin Audacity yana buƙatarsa: a zaɓi shirun, a shiga Noise Reduction, a danna Get Noise Profile, sannan a zaɓi dukan sautin a tace. A yi shi da sauƙin hannu. Idan muryar ta fara yin kamar daga cikin randa take fitowa, an wuce gona da iri. Wanda kuma ya zaɓi ya naɗa a cikin PowerPoint kai tsaye, ya sani cewa ba ya ɗaukar murya a lokacin da ake sauya silaid, don haka kalmar da aka furta a kan sauyin za ta ɓace.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a kan wannan hanya, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mutumin da ke magana da jama'a yana da rai a muryarsa, wanda ke karanta takarda kuwa yakan koma kamar mai sanarwar rasuwa. Haka ya faru da mu a naɗin farko: malamin da ya sa mutane dariya a webina ya dawo yana furta kalmomi ɗaya-ɗaya kamar ana yi masa jarrabawa. Laifin nawa ne, domin na rubuta masa Hausar takarda. Sai na koma ga sautin asali, na tsamo maganganunsa na kansa, irin yadda yake cewa ƙwarin "su suka ci iskarsu da kansu", na mayar da su cikin jawabin. Na kuma sa wani abokin aikinsa ya zauna a gabansa, ya zama shi ake yi wa bayanin. Naɗi na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba, ko da yake ban ce ya kamo zafin webinar gaba ɗaya ba. Wani abu yana salwanta, ni dai ina ganin abin da ake samu ya fi shi.

Jarabar da ke biyo bayan wannan ita ce a haɗa, wato a ɗauko jimloli masu daɗi daga tsohon sauti a cusa a cikin sabo. Kunne yana ganewa nan take. Zoom yana matse murya yana tace ta don ta bi layin intanet, ɗakin ma daban ne, sai mutum ɗaya ya zama kamar mutum biyu. Wuri ɗaya kawai na yarda da haɗin, inda bambancin yake da ma'ana: muryar wata mahalarciya tana tambayar ko ana sa magani, sannan sabuwar murya ta amsa. Mai kallo ya san daga taro aka ɗauko tambayar, don haka ƙarancin ingancin sautin bai dame shi ba. Sai da aka nemi izininta kafin a sa, kuma ba a nuna sunanta ba. Wanda ya shiga taron horo bai amince a yi ta yawo da fuskarsa da sunansa a wayoyin mutane ba, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta shafi irin wannan.

Ba kowace webina ce ta cancanci wannan wahala ba. Aikin ya ci mini kusan kwana uku, mafi yawansu a kan takarda. Idan taron muhawara ne tsakanin mutane huɗu, darajarsa tana cikin musayar, sabuwar murya guda za ta kashe shi, gara a yanke masa kai da wutsiya a sa alamomin lokaci a bar shi. Idan bayanin zai tsufa cikin wata biyu, kamar sanarwar ranar rufe rajista, saƙon rubutu ya wadatar. Hanyar da na bayyana ta dace da ilmin da za a buƙata bana da baɗi, wanda kuma ake son mutum ya aikata wani abu da shi. Haka nan ban ce a jefar da cikakken naɗin ba. A ajiye shi, a sa adireshinsa a ƙarƙashin gajeren, mai son jadawalin ƙasashe ya je ya same shi.

Saura nauyin fayil, wanda a wajenmu shi ke yanke hukuncin ko za a kalla ko ba za a kalla ba. Lissafinsa shi ne yawan bayanan da ke gudana a daƙiƙa, a ninka da yawan daƙiƙoƙi, a raba da takwas. Minti 7 daƙiƙa 420 ne. Idan hoto da sauti a haɗe suna cin kilobit 600 a daƙiƙa, fayil ɗin zai kai kusan megabait 31. Da wannan umarni na matse namu:

```
ffmpeg -i gama.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -crf 26 -c:a aac -b:a 96k waya.mp4
```

Lambar da ke bayan -crf ita ce ta ciniki: idan ta hau, fayil ya ragu, hoto ya ɗan dushe. Zane mai tsayayyen launi yana jure matsi sosai, hoton hannu da igiya kuwa shi ke fara lalacewa, don haka a kansa ake duba ko an matse da yawa.

Kafin a tura wa kowa, na ba wani matashi da bai halarci webinar ba wayar, na ajiye buhu da igiya a gabansa, ban ce masa komai ba. Ya gwada ledojin, ya zuba wake, ya ɗaure ta farko daidai. Da ya zo ta biyu sai ya haɗa ta da buhun waje ya ɗaure su tare. Na koma na duba, ashe don in rage daƙiƙa goma na gaggauta hoton ɗauri na biyu da na uku har suka zama kamar motsi ɗaya. Na mayar da daƙiƙa goman, na ƙara lamba 1 da 2 da 3 a kusurwar allo, kowace tana bayyana tare da ƙullinta. Bidiyon ya tsaya a minti 7 da daƙiƙa 10.